Kyamara Mai Rawa da Labari Mai Giɓi: Yadda Fim ɗin Tsintuwa ke Sa a Gaskata Shi

Shugaban wannan zama, iyayenmu da malamanmu da ke nan gaba, masu masaukinmu na Malanville da suka shirya wannan haɗuwa, 'yan'uwa da suka sha wahalar ƙetaro kogi daga Gaya, da ku matasa masu harkar ɗaukar hoto, ina gaishe ku gaba ɗaya, ina kuma godiya da wannan kujera da kuka ba ni.

Batun da aka ɗora mini shi ne wani nau'in fim ɗin ban tsoro da zan kira fim ɗin tsintuwa. Fim ne da ake shiryawa tsaf, da 'yan wasa da darakta, amma a kawo maka shi a matsayin kaset ko kati da aka tsinta bayan masu ɗaukarsa sun ɓace. Hotonsa na rawa, haskensa bai isa ba, labarinsa duk giɓi. Duk abin da ake koya wa mai kyamara ya guje masa, a nan shi ne jari. Tambayar ita ce: me ya sa aikin da ya yi kama da na ɗan koyo yake shiga zuciya fiye da wanda aka kashe wa miliyoyi? Zan tsaya a kan fim guda, The Blair Witch Project na 1999, in leƙa wasu kaɗan idan buƙata ta taso.

Ga labarinsa a taƙaice, don wanda bai gani ba. Fim ɗin na buɗewa da rubutu fari a kan baƙin allo: a watan Oktoba na 1994 wasu ɗalibai uku sun ɓace a dajin da ke kusa da garin Burkittsville a jihar Maryland ta Amurka, suna ɗaukar fim a kan labarin wata mayya, kuma bayan shekara guda aka tsinci abin da suka ɗauka. Shi ke nan. Daga nan sai Heather da Josh da Mike, da jakunkunansu, da daji. Daniel Myrick da Eduardo Sánchez ne suka shirya shi, a cikin kwana 8 na watan Oktoba 1997, da kuɗin da bai haura dala dubu 60 ba a matakin ɗauka. Ya tara kusan dala miliyan 250 a duniya. Kuma tun daga farkonsa har ƙarshe, ba a nuna mayyar ko sau ɗaya ba.

Na farko: rawar kyamara shaida ce cewa akwai mutum a bayanta.

A fim na yau da kullum, kyamara ba kowa ba ce. Tana kan ƙafafunta uku, ko kan layin dogo, tana ganin komai daga inda ya fi kyau, kuma babu abin da zai same ta. Dodo zai iya cinye kowa a fim ɗin, amma ba zai ci kyamara ba, kai ma mai kallo ka san haka, shi ya sa kake zaune daram. Da zarar an miƙa kyamarar ga ɗaya daga cikin 'yan wasan, sai ta sami jiki. Tana hawa tana sauka da takunsa. Tana karkacewa idan ya yi tuntuɓe. Makirfon da ke jikinta ya fi kusa da bakinsa fiye da kowa, saboda haka numfashinsa ne ke cika kunnenka. Idon da kake kallo da shi yanzu zai iya mutuwa.

Wannan yanki namu yana da hannu a tarihin abin, ko da yake ba ta fuskar ban tsoro ba. A 1946 zuwa 1947 Bafaranshe Jean Rouch da abokansa biyu, Jean Sauvy da Pierre Ponty, sun bi wannan kogin da ke bayanmu tun daga mafarinsa har teku. Rouch na riƙe da ƙaramar kyamarar Bell & Howell ta milimita 16, kuma kamar yadda ake ba da labarin, ƙafafunta sun salwanta a hanya, dole ya ci gaba da ɗauka da hannu. Haka ya ɗauki Sorkawa suna farautar dorina. Daga baya, a 1971, a Simiri ta ƙasar Zarmaganda, ya ɗauki Tourou et Bitti, wasan bori na kusan minti goma, yana tafe a cikin fili da kyamara a kafaɗa ba yankewa. Irin wannan aiki, da na masu ɗauko labaran yaƙi, da bidiyon biki da suna da kowa ke ɗauka a gida, su suka koya wa idon duniya cewa hoto mai rawa hoton wanda yake wurin ne. Masu fim ɗin tsintuwa sun tarar da wannan yarda a ajiye, suka ranta.

Sai dai rawa suna ta tara. Akwai ta tafiya, mai tsari, sama da ƙasa da kowane taku. Akwai ta hannu da ya gaji, ƙanana-ƙanana, wadda ke ninkuwa idan aka jawo hoto daga nesa, domin duk yadda ka jawo abu kusa, haka kake jawo karkarwar hannunka. Akwai ta firgita, wadda kyamara ke fizga gefe bayan an ji ƙara. Ku riƙe wannan kalma, bayan. Mutum na gaske yana jin motsi tukuna, sannan ya juya, kuma sau da yawa ya wuce wurin, ya dawo, ya tarar abin ya wuce. Kyamarar gaske kullum a makare take. Idan ka ga kyamara mai rawa ta isa wuri daidai lokacin da abu zai faru, to mai riƙe da ita ya karanta labarin.

Yaya Myrick da Sánchez suka sami wannan makara? Sun ƙi tsayawa a bayan kyamara. Sun ba 'yan wasan kyamarori biyu, ƙaramar bidiyo ta Hi8 mai launi da babbar CP-16 mai ɗaukar baƙi da fari, suka koya musu aiki da su, suka sake su a daji da na'urar GPS. Babu rubutattun kalamai, sai tsarin labari na kimanin shafi 35. Kowace rana 'yan wasan za su isa wani wuri da aka yi wa alama, su tarar da saƙo a cikin 'yan gwangwanayen fim, kowa da nasa, kada ya nuna wa ɗan'uwansa. Ana rage musu abinci yayin da kwanaki ke tafiya. Da dare masu shirya fim ɗin su lallaɓo, su karya itace a nesa, su kunna muryoyin yara, su girgiza tanti. 'Yan wasan sun san fim suke yi, amma ba su san me zai faru da ƙarfe uku na dare ba, kuma gajiyar da yunwar ba na wasa ba ne. An dawo da hoto na kusan awa 20, aka tace shi ya koma minti 81.

Na biyu, kuma a nan zan daɗe: abin da ba a nuna ba.

Ƙaramar fitilar da ke kan kyamara tana da wata ɗabi'a. Idan nisa ya ninka biyu, hasken da ke isa ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Idan ya ninka huɗu, ya koma ɗaya cikin goma sha shida. Saboda haka reshen da ke gaban hancinka zai yi fari fat, amma taku kaɗan bayansa baƙi ƙirin ne. Ga shi kuma kyamarar bidiyo a duhu takan rasa inda za ta kafa ido, hoton ya dushe, ya washe, ya sake dushewa. Rabin allo, wani lokaci fiye, babu komai a ciki. Me mai kallo ke yi da wannan baƙin? Yana bincikensa. Yana zuba masa ido yana neman siffa, kuma wanda ya nemi siffa a duhu zai same ta. Kowa da irin tasa. Ba'amurke zai ga mayyarsa, wani a cikinmu zai ga aljani, masunci zai ga abin da kakansa ya hana shi ambata a kan ruwa.

Akwai daren da aka girgiza tanti, su ukun suka fito da gudu. Heather na ihu tana tambayar mene ne wancan. A gaskiya akwai abin gani: an sa wani ma'aikacin fim ɗin ya yi shigar farare, ya rufe fuska, yana gefe a cikin daji. Amma mai riƙe da kyamara bai juya wajensa ba, yana ta kansa. Ba a sake ɗauka ba. Da kyamarar ta juya, me za mu gani? Ƙato cikin farin wando. Da ba ta juya ba, sai aka bar mu da ihun mace da ta ga abin da mu ba mu gani ba.

Ina so masu shirya finafinanmu na Hausa su tsaya a nan. Sau nawa muka ga an gina tsoro da kyau, sai a ƙarshe aljani ya fito da jan ido na kwamfuta da walƙiya daga tafin hannu, gidan kallo ya fashe da dariya? Ba rashin kuɗi ne ya jawo dariyar ba. An nuna abin da ya kamata a bari a duhu ne.

Yanzu bari mu bi mintunan ƙarshe na fim ɗin daki-daki, domin a nan dabarar ta cika. Josh ya riga ya ɓace. Heather ta tsinci ƙunshin itace a bakin tanti, a ciki akwai tsumman rigarsa da jini da haƙora, kuma ko wannan ba a bari mun gani da kyau ba. Da dare suka ji muryarsa yana kira, suka bi ta har wani kangon gida. Mike na riƙe da kyamarar launi, Heather na riƙe da ta baƙi da fari. A bango akwai sawun tafin hannun yara. Suka hau sama, babu kowa. Mike ya ce muryar daga ƙasa take, ya sauka da gudu zuwa ɗakin ƙarƙashin ƙasa, sai wani abu ya buge shi, kyamararsa ta faɗi.

Daga nan hoton ya koma na Heather, tana saukowa tana kururuwa. Amma ku saurara da kyau: muryarta daga nesa take zuwa. Dalili kuwa, kyamarar da ke hannunta ba ta ɗaukar sauti. Sautin da muke ji na kyamarar Mike ne, wadda ke yashe a ƙasa. Wato idonmu na tare da Heather a kan matakala, kunnenmu kuma yana can ƙasa, a ɗakin da abin yake, yana jiran ta. Muna jin ta tana matsowa kusa da mu alhali da idonta muke gani. Yawancin masu kallo ba sa lura da dalilin, jikinsu ne kawai ke gaya musu wani abu ba daidai ba. Ta shigo, hasken ya faɗa kan Mike yana tsaye a lungu, ya juya baya, fuskarsa na kallon bango, ba ya motsi. Sai ita ma kyamararta ta faɗi, ta ci gaba da ɗauka a kwance na 'yan daƙiƙu, fim ya ƙare.

Mutum a tsaye yana kallon bango. Mene ne abin tsoro a nan? Babu, sai ga wanda ya tuna wata magana da aka yi fiye da awa guda baya. A farkon fim, lokacin da ɗaliban ke hira da mutanen gari, an ba su labarin wani Rustin Parr da ya kashe yara bakwai a shekarun 1940, yana shiga da su bibbiyu ɗakin ƙasa, ya sa ɗaya ya fuskanci lungu yayin da yake kashe ɗayan. An faɗe ta a gurguje, cikin sauran surutai. Mai kallo ne zai ɗauko ta da kansa ya haɗa da abin da yake gani, ya gane cewa idan Mike na lungu, to Heather ce a layi. Kuma abin da mutum ya gano da kansa ba ya musun sa.

Ga wani abu da ya kamata ku sani: wannan bayani na lungu ƙara shi aka yi daga baya. Da aka gwada fim ɗin a gaban masu kallo, ƙarshen ya tsorata su amma ya ruɗa su, sai aka koma aka ɗauki ƙarin hirar. Ashe giɓi ma yana da awo. Kamar tsallaka kwata ne: idan faɗinta daidai ƙafa, mutum zai yi tsalle da kansa, idan ta yi faɗi da yawa sai ya juya ya koma gida.

Na uku: rabin aikin a wajen fim ɗin aka yi shi.

Hoto mai rawa ba ya faɗin ko shi wane ne. Sai an gaya maka. 'Yan wasan uku sun yi amfani da sunayensu na gaskiya. An buɗe shafin intanet mai ɗauke da rahotannin 'yan sanda na ƙarya da hotunan kayan da aka ce an tono. A bikin finafinai na Sundance, a Janairun 1999, an raba takardun cigiya masu hotunansu. An shirya wani shirin talabijin mai kama da binciken gaskiya, Curse of the Blair Witch, aka nuna kafin fitowar fim ɗin. Mutane da yawa sun shiga sinima ba su tabbata ko wasa ba ne. Kafin su, a 1980, Ruggero Deodato na Italiya ya yi Cannibal Holocaust da irin wannan dabara, har hukuma ta zarge shi da kashe 'yan wasansa, sai da aka ga suna raye.

Mu nan ba baƙin wannan ba ne. Tun da aka rufe gadar nan bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, mutane suka koma kwale-kwale, wane ne a ɗakin nan bai sami bidiyo a WhatsApp ba, na daƙiƙa talatin, hoto na rawa, ana salati, ga ruwa ga mutane, sannan ga saƙon murya yana cewa yanzu-yanzu a Malanville? Wani gaskiya ne. Wani kuwa an ɗauke shi a wata ƙasa shekaru da suka wuce. Ba ka ga farkonsa ba, ba ka ga ƙarshensa ba, ba ka san mai ɗauka ba, saƙon muryar ne ya cike maka duka. Aikin da rubutu fari kan baƙin allo ya yi a 1999, shi saƙon muryar ke yi.

Na huɗu: inda dabarar ke karyewa, da yadda ake gane ta.

Babbar matsalarta tambaya ɗaya ce: me ya sa har yanzu yake ɗauka? Mutumin da ake bi zai jefar da kyamara ya ceci ransa. Kowane fim na wannan nau'i dole ya biya wannan bashi. A Blair Witch, da dare fitilar kyamara ce hasken da suke gani da shi, kuma an sa Josh da Mike suna yi wa Heather faɗa a kan ta ƙi ajiye ta, wato fim ɗin ya riga mai kallo yin ƙorafin. A fim ɗin Sifaniya REC na 2007, 'yar jarida ce da mai ɗaukar mata hoto suka bi 'yan kwana-kwana cikin wani bene a Barcelona, ɗauka ita ce sana'arsu, kuma a ƙarshe da wuta ta mutu, ta kyamara kaɗai ake iya gani a duhu. Oren Peli kuwa, a Paranormal Activity, wanda ya yi da kimanin dala dubu 15, ya kafe kyamarar ne a ɗakin kwana, da agogo a gefen hoto. Babu rawa ko kaɗan a waɗannan wurare. Agogo na gudu, mace ta tashi ta tsaya a kan saurayinta, ba ta motsi, lokaci na ta wucewa. Wannan ya nuna cewa ba rawar kanta ce ke aiki ba. Abin da ke aiki shi ne hoton ya yi kama da wanda ba a shirya don kai ba.

Matsala ta biyu ta jiki ce. Ido na gaya wa ƙwaƙwalwa ana gudu, cikin kunne kuma, inda ma'aunin daidaito yake, yana cewa a zaune ake. Saɓanin nan ke kawo jiri da tashin zuciya, kuma an yi ta samun masu amai a gidajen sinima a 1999. A babban allo abin ya fi tsanani fiye da a waya. Shi ya sa mai hankali ke ajiye rawa mai ƙarfi don wurare kaɗan, ya bar ido ya huta a tsakani.

Ga masu son ganewa, ko a fim ko a abin da aka turo muku, ku duba abu uku. Rawar da aka ƙara da kwamfuta tana motsa hoton gaba ɗaya kamar takarda: na kusa da na nesa suna tafiya tare. A rawar gaske, idan mai ɗauka ya gusa, turken da ke kusa yana gudu fiye da bishiyar da ke nesa, kuma hoton na shafewa a lokacin fizga. Sai sauti: idan hoto ya yanke ya koma wani wuri amma ƙarar ta ci gaba sumul, ko kana jin maganar wanda ke nesa tangaran kamar yana gabanka, akwai wanda ya zauna ya haɗa. Idan kuwa kiɗa ya shigo, sai ka tambaya wane ne ya tsinci kaset ɗin mamata ya sa masa kiɗa. Na ƙarshe shi ne wanda na faɗa tun farko, kyamarar da ba ta taɓa makara ba.

Ku matasa da ke son gwadawa da waya, ku sani wayoyin yanzu suna gyara rawa da kansu, suna kuma ƙara haske a duhu, saboda haka sai kun kashe waɗannan idan wayar ta ba da dama. A ce labarinku na masu ƙetare kogi da dare ne. Kada ku fara da ihu. Ku ba mu minti biyu na hirar banza, kuɗin jirgi, tsadar albasa, wani na tsokanar mai tuƙi. A cikin hirar wani dattijo ya ce, shi dai a wannan wuri ba a kiran sunan mutum da dare, a yi dariya a wuce. Can tsakiyar ruwa injin ya mutu, tocila ɗaya, sai a ji an kira sunan mai riƙe da wayar daga wajen da babu jirgi. Ya juya a makare, ruwa kawai. Ku yanke a nan. Amma roƙona biyu: ku yi ɗaukar a bakin gaɓa inda ƙafa ke taɓa ƙasa, kogin nan ba abokin wasa ba ne, kuma ku rubuta a jikin hoton cewa shiri ne, domin idan ya fita daga hannunku wani zai yanke farkonsa ya ɗora masa saƙon murya.

Na ga shugaban zama yana duban agogo. Mai tambaya ko gyara, ga makirfo, bismillah.